Yadda Ake Tsara Ban-Ruwan Ɗigo a Ƙaramin Fili Don Kowace Shuka Ta Sha Daidai

Idan ka ga gonar da ake shayarwa da ɗigo, shukokin bakin layi sun yi kore shar, na ƙarshen layi kuma sun tsumbure, yawanci ba iri ba ne, ba taki ba ne. Ruwan ne bai rabu daidai ba. Mai gona kan ƙara awannin ban-ruwa don na ƙarshe su samu, sai na farko su jiƙe sharkaf, takinsu ya zurare ƙasa. Maganin wannan a takarda ake fara shi, tun kafin a sayi ko da mita ɗaya ta tiyo.

Abin da ke sa bakin ɗigo, wato 'yar ƙofar da ruwa ke ɗigowa ta cikinta a jikin tiyo, ya ba da ruwa da yawa ko kaɗan shi ne matsin ruwan da ke cikin tiyo a daidai wurinsa. Saboda haka tsara ban-ruwan ɗigo ba komai ba ne illa lura da inda matsi ke raguwa da inda yake ƙaruwa, a hana bambancin ya wuce iyaka. Masu aikin suna auna matsi da mita, wato tsayin ruwan da zai haifar da wannan matsin. Mita 10 na tsayin ruwa kusan daidai yake da 1 bar da ke rubuce a agogon matsi, kuma yawancin bakunan ɗigo a kan wannan matsin kamfani ke auna su ya rubuta, misali, lita 2 a awa.

Ka fara da sanin iyakarka

Bakin ɗigo na gama-gari ba ya bin matsi ƙafa da ƙafa. Idan matsi ya ragu da kashi 20 cikin 100, ruwan da yake fitarwa zai ragu da kusan kashi 10 ne kawai. Daga nan aka samo ƙa'idar da ake aiki da ita: bambancin ruwa tsakanin bakin da ya fi kowa samu da wanda ya fi kowa ƙaranci kada ya wuce kashi 10, wato bambancin matsi kada ya wuce kashi 20. Idan bakunanka a mita 10 suke aiki, mita 2 kacal gare ka. Wannan mita 2 ita ce jarinka, kuma abu uku ne za su ci daga cikinta: gugar ruwa da bangon tiyon layi, gugarsa a cikin bututun da ke raba wa layuka ruwa, sai tudu da gangaren fili. An saba ware wa tiyon layi kaɗan fiye da rabi, wajen mita 1.1, a bar wa bututun rabo sauran. Ba doka ba ce, amma wurin farawa ne mai kyau.

Mu ɗauki fili guda mu bi shi har ƙarshe. Tsawonsa mita 60, faɗinsa mita 12, za a shuka tumatir a layuka 10, tsakanin layi da layi mita 1.2. An zaɓi tiyo mai milimita 16 wanda aka saka masa bakunan ɗigo tun daga kamfani, kowane santimita 30 akwai ɗaya, kowanne lita 2 a awa. Filin yana da ɗan gangare ta tsawonsa.

Auna gangaren, kada ka dogara da ido

Ido yana ruɗi sosai a nan. Filin da kake rantsuwa a shimfiɗe yake, sau da yawa akwai bambancin mita guda tsakanin bakinsa da ƙarshensa. Ka sami siririn tiyo mai garai-garai wanda ake ganin ruwa a cikinsa, irin na magina, mai tsawon mita 15 ko 20. Ka cika shi da ruwa, ka fitar da duk kumfar iska, mutum biyu su riƙe bakunansa a jikin sanduna biyu da aka kafa a tsaye. Ruwan zai tsaya a tsayi ɗaya a ɓangarorin biyu. Ka auna daga ƙasa zuwa saman ruwan a kowace sanda; bambancin shi ne gangaren da ke tsakaninsu. Ka yi ta matsawa gaba kana tarawa har ƙarshen fili, sannan ka yi haka ta faɗi. A filinmu, an samu saukar mita 1 a tsawon mita 60, faɗin kuma a daidai yake.

Kowace mita ɗaya ta hawa tana rage mita ɗaya daga matsi, kowace mita ta sauka kuma tana ƙara ɗaya. Ke nan tun ba a kunna famfo ba, gangaren nan ya isa ya cinye rabin jarinmu idan muka yi sakaci. Da gangaren ya fi haka tsanani, da sai mu juya layukan su gitta shi, kowane layi ya kwanta a tsayi ɗaya, mu bar bututun rabo shi kaɗai ya bi saukar.

Lissafin ruwa, da ko majiyarka za ta iya

Layi ɗaya mai mita 60 yana ɗauke da bakuna 200, wato lita 400 a awa. Layuka 10 sun zama lita 4,000 a awa. Kafin ka wuce nan, ka tabbatar famfonka ko rijiyarka na iya ba da wannan adadin. Bokiti mai lita 20 ya kamata ya cika cikin daƙiƙa 18. Sai dai a kula, famfo yana zuba ruwa da yawa idan bakinsa a buɗe yake ba abin da ke tare shi, amma da zarar ya fara turawa da matsi sai ruwan ya ragu. Don haka ka ɗaura agogon matsi da bawul a bakinsa, ka rage bawul ɗin har agogo ya nuna wajen 1.5 bar ko ɗan sama, sannan ka tara bokitin. Idan abin da ka samu bai kai ba, a ce lita 2,500 ne, kada ka tilasta. Ka raba filin gida biyu, layuka biyar-biyar, kowane ɓangare da bawul ɗinsa, ka shayar da su bi da bi.

Tsawon tiyon layi, inda aka fi yin ɓarna

Ga dabarar da ake lissafa asarar matsi a cikin bututun roba mai santsi da ita:

```
hf = 0.47 × L × Q^1.75 ÷ D^4.75 × F
```

A nan hf ita ce asarar matsi a mita, L tsawon tiyo a mita, Q ruwan da ke shiga bakinsa a lita cikin awa, D kuma faɗin cikinsa a milimita. Faɗin ciki fa, ba lambar da ake kiran tiyon da ita ba. Tiyo mai milimita 16 cikinsa yakan kama daga 13.6 zuwa 14 da ɗoriya, gwargwadon kaurin bangonsa, kuma wannan ɗan bambancin yana da tasiri domin an ɗaga D zuwa 4.75. Ita kuwa F ragi ce da ake yi saboda ruwan yana fita a hanya, ba dukansa ke kaiwa ƙarshe ba. Wani injiniya mai suna Christiansen ne ya fitar da ita a 1942. Idan mafitar ruwa suna da yawa kamar na tiyon layi, F tana kusan 0.36. Idan goma ne kawai, tana wajen 0.41. Kwakuletar waya ma tana yin wannan lissafin.

Mu gwada tsarin da kowa ke fara tunani: bututun rabo a gefe ɗaya na fili, layuka su miƙe mita 60. Da L 60, Q 400, D 13.6, F 0.36, asarar ta fito mita 1.5. Ba a nan ta tsaya ba, domin kowane bakin ɗigo yana ɗan tokare hanyar ruwa a cikin tiyo, kuma guda 200 ne a jere. Ni ina ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda wannan idan ban sami takardar kamfani ba. Ta koma wajen mita 1.9. Mun ware wa layi mita 1.1, ga shi ya kusa cinye jarin gaba ɗaya shi kaɗai. Idan kuma aka yi rashin sa'a ruwan ta ƙasan gangare yake shiga yana hawa, a ƙara mita 1 a kai, ya zama kusan mita 3. Shukokin ƙarshe za su riƙa samun wajen kashi 15 cikin 100 ƙasa da na farko, tun tiyon yana sabo bai fara toshewa ba.

Yanzu ka ɗauke bututun rabon ka kwantar da shi a tsakiyar fili, layuka su fita dama da hagu, kowanne mita 30. Tsawo ya ragu da rabi, ruwan da ke shiga kowane tiyo shi ma ya ragu da rabi, ya koma lita 200. Asarar ba rabi take komawa ba, tana faɗuwa ne kusan ninki bakwai: daga 1.9 zuwa ƙasa da mita 0.3. Tiyo iri ɗaya, tsawo ɗaya idan aka haɗa, kuɗin da ya ƙaru na mahaɗai goma ne kawai, amma matsalar ta kau. A ganina wannan shi ne abu mafi daraja da mutum zai riƙe a duk wannan aikin. Haka kuma abin yake ta ɗaya gefen: wanda ya ga layinsa na aiki lafiya ya ce bari ya ƙara masa tsawo ninki biyu, asararsa za ta ninka kusan sau bakwai.

Saura gangaren. Idan bututun rabo yana tsakiya cif, layukan da ke hawa suna asarar mita 0.5 ta tudu da 0.3 ta guga, jimla 0.8. Masu sauka kuma suna samun ƙarin 0.5, guga ta ci 0.3, ƙarshensu ya fi bakinsu matsi da 0.2. Tazarar da ke tsakanin mafi ƙaranci da mafi yawa mita 1 ce. Tana cikin iyaka, amma ana iya kyautata ta ba tare da kashe ko sisi ba. Ka matsar da bututun rabon zuwa sama, layukan hawa su zama mita 20, na sauka mita 40. Masu hawa yanzu asararsu wajen mita 0.4 ce. Masu sauka kuwa guga ta ci wajen 0.6, gangare ya mayar musu da kusan daidai wannan, sai ƙarshensu ya tashi kusan ɗaya da bakinsu. A tsakani ne kawai matsin ke ɗan lotsawa da wajen 0.2. Tazarar ta dawo ƙasa da rabin mita. Dabarar ke nan a fili mai gangare: gajeren layi ya hau, dogo ya sauka, a bar gangare ya biya bashin guga.

Bututun rabo

Wannan bututun zai ɗauki lita 4,000 a awa, tsawonsa mita 12, yana sauke ruwa a wurare 10. Da wannan dabarar ta sama, bututu mai milimita 25 wanda cikinsa ya kai 21 zai yi asarar kusan mita 2.5, ya wuce iyaka shi kaɗai. Mai milimita 32, ciki 28, asararsa wajen 0.6 ce, ya shiga cikin lissafi, amma ruwa zai riƙa gudu a bakinsa da mita 1.8 a daƙiƙa, alhali an fi son kada ya wuce 1.5 a bututun roba, saboda bugun da ruwa ke yi idan aka rufe bawul da sauri. Mai milimita 40, ciki 35, asararsa 0.2 ce kawai, gudun ruwa kuma ƙasa da 1.2. Shi zan ɗauka. Mita 12 ce duka, tsimin da za a yi da ƙaramin bututu bai taka kara ya karya ba.

Idan aka haɗa, rabin mita na layuka da 0.2 na bututun rabo, tazarar matsi a duk filin wajen mita 0.7 ce cikin 10. Bambancin ruwa bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Ragowar jarin ba asara ba ce, domin su kansu bakunan ɗigon ba sa fitowa daga kamfani daidai wa daida, kuma da tafiyar lokaci wasu za su fara ɗaukar datti.

Abin da ake jerawa a bakin shiga

Daga famfo, ruwa ya fara bi ta wurin zuba taki idan akwai, sannan matatar ruwa, sannan na'urar daidaita matsi, sannan bawul ɗin ɓangare. Matata bayan taki take zama don ta tare gudajin da bai narke ba. Ga irin waɗannan bakunan, wadda aka rubuta wa 120 mesh, wato ma'aunin ƙanƙantar idanun ragarta, ta wadatar a mafi yawan lokuta, amma ka duba abin da mai tiyon ya rubuta. Ka ɗauki matata da ta fi ƙarfin ruwanka, mai iya wuce da fiye da lita 4,000 a awa. Ka sa agogon matsi gabanta da bayanta; idan bambancinsu ya kai 0.5 bar, lokacin wanki ya yi. A bakin bututun rabo ka saita matsi tsakanin 1 da 1.1 bar, domin matsakaicin bakin ɗigo ya sami mita 10 ɗinsa. Asarar da ke faruwa kafin wannan wurin, a matata da dogon bututun da ya taso daga famfo, ba ta ɓata daidaito tunda kowa ta shafa, amma dole famfo ya iya biyanta.

Ka kuma sa ɗan bawul ɗin iska a wuri mafi tudu. Idan aka kashe famfo, ruwan cikin tiyo yana gangarawa ƙasa, sai bakunan da ke sama su tsotso iska tare da laka. Haka toshewa ke farawa a saman fili ba tare da kowa ya lura ba.

Idan tanki ne a kan gini babu famfo

Nan lissafin yana tsananta. Tankin da ke mita 2 sama da fili matsin mita 2 yake bayarwa, kashi 20 na wannan kuwa santimita 40 ne kacal. Gangaren mita 1 na filinmu ya riga ya ninka wannan fiye da sau biyu. Bakin da aka rubuta wa lita 2 zai riƙa ba da ƙasa da lita 1, abin da ke rage guga, amma ba ya rage tudu ko kaɗan. Wanda zai yi aiki da tanki sai ya gajarta layuka, ya kwantar da su a tsayi ɗaya, ya ɗaga tankin iya ƙarfinsa, ya kuma raba fili ƙananan ɓangarori bisa tsayinsu.

Akwai bakunan ɗigo masu daidaita kansu, waɗanda ake rubuta wa PC. A cikinsu akwai wata 'yar roba da ke matse hanya idan matsi ya ƙaru, sai ruwan ya tsaya kusan ɗaya. Suna da amfani ƙwarai a fili mai tudu da kwari, amma suna da matsi mafi ƙaranci da suke buƙata kafin su fara wannan aikin, galibi wajen 0.5 bar ko sama. Tanki mai mita 2 ba zai kai su can ba, kuɗin ƙari kawai za a kashe.

Bayan an shimfiɗa

Kafin ka toshe ƙarshen layuka, ka saki ruwa ya wanke komai. Ka fara da bututun rabo, sannan layuka biyu ko uku a lokaci guda don ruwan ya fita da ƙarfi, har sai ya fito fes ba ɓarɓashin roba daga hudar da aka yi. Bakunan ɗigo su kalli sama, saboda laka a ƙasan tiyo take kwanciya. Ƙarshen layi kuma a lanƙwasa shi a zura masa zobe, kada a ɗaure shi ɗaurin da ba ya kwantuwa, domin wannan wankin za a riƙa maimaita shi.

Sannan gwaji, wanda shi ne zai nuna ko takarda ta faɗi gaskiya. Ka bar ruwa ya yi gudu na minti goma ko sha biyar har iska ta fita, agogo ya tsaya cak. Ka zaɓi layuka huɗu: na farko, na ƙarshe, da biyu a tsakani. A kowanne ka zaɓi wurare huɗu daga ƙarshen sama zuwa ƙarshen ƙasa, har da kusa da bututun rabo. Ka ɗan tona rami ƙarƙashin kowane baki ka ajiye kofi, kada ka ɗaga tiyon sama. Wani abu da ke ɓata wannan gwajin shi ne ɗigon yakan bi jikin tiyo ya zarce kofin ya ɗiga can gaba. Ka ɗaura ɗan zare ko robar ɗauri kusa da bakin, ruwan zai tsaya a nan ya faɗa cikin kofi. Ka tara na minti 3 daidai. Baki mai lita 2 a awa zai ba da mililita 100. Sirinji babba tana auna shi da kyau.

Kofuna 16 ke nan. Ka ware huɗun da suka fi ƙaranci ka fitar da matsakaicinsu, ka raba shi da matsakaicin duka. A ce huɗun nan sun ba da 92, 93, 93 da 94, matsakaicinsu 93, na duka kuma 99. Sakamakon kashi 94 cikin 100 ne. Daga 90 zuwa sama aiki ya yi kyau. Sabon tsari da ya kasa kai 85 akwai abin da ke damunsa.

Yadda ƙarancin ya bazu shi zai gaya maka inda matsalar take. Idan ruwan yana raguwa sannu a hankali daga bakin layi zuwa ƙarshe, kuma haka yake a duk layukan, matsi ne: layin ya yi tsawo ko yana hawa da yawa. Idan layukan nesa da bawul ne gaba ɗaya suka gaza na kusa, bututun rabo ya yi ƙanƙanta. Idan layi ɗaya ne ya fita daban, ka bi shi da hannu, za ka tarar da lanƙwasa, ko mahaɗi da ya toshe, ko huda da ke zubar da ruwa a hanya. Idan kuwa ƙarancin a warwatse yake, wannan kofi 98 na kusa da shi 60, toshewa ce, kuma ƙara matsi ba zai gyara ta ba. Sai ka buɗe matata ka duba ko ragarta ta yage, ka kwance ƙarshen layuka ka ga kalar ruwan da zai fara fitowa. Ka rubuta lambobin kofunan nan 16 da abin da agogo ya nuna a ranar, ka sa alama a bakunan da ka auna, domin a tsakiyar lokacin noma su za ka sake aunawa ka kwatanta.